Kamfani na kwance, an shigar da rahoton sifiri, amma takardar tara ta iso: yadda ake bi da ita

Tambayar nan ta yi ta dawo mini ta bakuna daban-daban, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Malam, kamfanin nan ko sisi bai taɓa shiga cikinsa ba. Mun cike rahoton haraji, mun sa sifiri a ko'ina, to tarar mene ce kuma suka aiko mana?" Wasu ma sai ran da suka je neman takardar shaidar biyan haraji don wata kwangila suke cin karo da ita, a ce musu sai sun share bashin da ke kansu tukuna.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, tarar makara ba ruwanta da yawan harajin da ake bin ka. Ranar da ka miƙa rahoto take kallo, da kuma irin rahoton da ka miƙa. Sifiri da ya zo a makare, a idon doka, makararre ne kamar na mai cinikin biliyan. Amma kuma ba kowane layi da ke cikin takardar tara ba ne yake da tushe, kuma na ga mutane sun biya kuɗin da bai hau kansu ba saboda tsoro, na ga wasu sun jefa takardar cikin durowa har lokacin ƙorafi ya wuce. Bayanin da ke tafe na kamfani ne mai rajistar "limited" a Najeriya. Wanda sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, harajin ribarsa yana hannun hukumar harajin jiharsa, nasa lissafin daban ne.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya buɗe kamfani a 2022 da fatan samun kwangilar kai taki. Kwangilar ba ta zo ba, kamfanin bai saya ba, bai sayar ba. Shekarar lissafinsa tana ƙarewa 31 ga Disamba. Yaron da ke cike masa rahotanni ya tafi bautar ƙasa a farkon 2024, aka manta da zancen, sai ranar 12 ga Nuwamban 2024 aka zauna aka cike duk abin da ya taru, sifiri daga sama har ƙasa. Daga baya takarda ta iso, ana neman naira 1,620,000.

1. Rubuta ranar da takardar ta shigo hannunka

Kafin ka kira kowa, ɗauki biro ka rubuta kwanan watan da ka karɓe ta a jikin ambulan. Idan ta imel ta zo, kada ka goge saƙon, ka buga shi a takarda yadda ranar za ta fito. Doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da aka isar maka da sanarwa ka rubuta cewa ba ka amince ba. Idan ta iso ranar 3 ga Maris, wa'adinka ya cika 2 ga Afrilu, har da ranakun Asabar da Lahadi a ciki.

Hattara: zuwa ofis ka yi bayani da baki, ko jami'i ya ce maka "bar shi, za mu duba," ba ya tsayar da wannan ƙidayar. Idan kwanakin suka wuce ba rubutaccen ƙorafi, ana ɗaukar ka amince da abin da aka ɗora maka, kuma daga nan sai roƙo.

2. Gane wanda ya aiko ta

Hukumomi uku ne za su iya cin kamfanin da ke kwance tara, kuma rahoton da ka kai wa ɗaya ba ya isa ga sauran.

Ta farko ita ce hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sani da FIRS, da ta koma NRS daga 1 ga Janairun 2026. Ita ke karɓar rahoton harajin kamfani na shekara da na VAT na wata-wata. Ta biyu ita ce CAC, mai rajistar kamfanoni, wadda ita ma take da nata rahoton shekara da ba shi da alaƙa da haraji, kuma kamfanin da bai taɓa ciniki ba ma dole ya kai shi. Ta uku ita ce hukumar harajin jiha, kamar KIRS a Kano, wadda ke jiran bayanin albashin ma'aikata na shekara kafin ƙarshen watan Janairu.

Ruɗanin da ya fi yawa tsakanin ta farko da ta biyu yake. Mutum ya ba lauya ko wakili kuɗi ya ce "a cike mini na shekara," wakilin ya cike na CAC ya kawo rasit, mai kamfani ya kwanta da tunanin ya gama da gwamnati. Ko kuma akasin haka: akanta ya cike na haraji, sai mutum ya leƙa shafin binciken CAC ya ga an rubuta `INACTIVE` a gaban sunan kamfaninsa. Idan takardarka daga CAC take, gyaran a shafinsu yake: a cike rahoton kowace shekara da aka tsallake, a biya kuɗin cikewa da tarar da shafin ya lissafa. Sauran matakan nan na takardar hukumar haraji ta tarayya ne, don can ne lissafin ke kumbura.

3. Warware takardar layi-layi

Kada ka tsaya kan jimlar da ke ƙasa. Samu farar takarda ka ja layuka, kowace tara ka rubuta mata abu huɗu: wane irin haraji ne, na wane wata ko wace shekara, yaushe ne ranar ƙarshe ta miƙawa, kuma yaushe aka miƙa. Idan takardar jimla kawai ta bayar, shiga shafin hukumar da asusun kamfanin. A 2021 aka fara miƙa rahotanni ta shafin TaxPro-Max, kuma a can tarar makara tana fitowa da alamar `LRP`. Idan nan ma bai fito fili ba, rubuta wa ofishin harajin da fayil ɗinku yake ka nemi a rarrabe maka.

Ranakun ƙarshe guda biyu ne kawai kake buƙata. Rahoton shekara na harajin kamfani ana miƙa shi cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafi, wato 30 ga Yuni ga mai rufewa a Disamba. Sabon kamfani kuwa, cikin wata 18 daga ranar rajista ko wata shida bayan rufe lissafinsa na farko, duk wanda ya riga zuwa. Na VAT kuma ranar 21 ga watan da ke biye.

Yanzu mu koma wurin ɗan Dawanau. Rahotonsa na shekarar da ta ƙare Disamban 2023 ya kamata ya shiga 30 ga Yunin 2024, bai shiga ba sai Nuwamba. A tsohuwar dokar harajin kamfanoni, tarar ita ce naira 25,000 a watan farko, sai 5,000 a kowane wata da ya biyo baya. Yuli 25,000 ke nan, Agusta zuwa Nuwamba wata huɗu 20,000, jimla 45,000. Wannan layi na farko.

Sauran naira 1,575,000 duk VAT ne. Tun bayan dokar kuɗi ta 2019, tarar makarar rahoton VAT ta koma 50,000 a watan farko da 25,000 a kowane wata na gaba, kuma kowane wata rahotonsa daban, don haka tararsa daban. Na Janairun 2024 ya kamata ya shiga 21 ga Fabrairu: 50,000 na Fabrairu, da wata tara a kan 25,000, ya ba da 275,000. Na Fabrairu 250,000, na Maris 225,000, haka yake sauka da dubu ashirin da biyar-biyar har na Satumba da ya tsaya a 75,000. Na Oktoba ya shiga kafin 21 ga Nuwamba, shi ya tsira. Tara su duka, ka ga inda kuɗin ya fito. Kamfanin da ko kwano ɗaya bai auna ba.

Hattara da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta kai tarar rashin miƙa rahoto zuwa 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata na gaba. Makarar wata biyar ɗin nan da ta ci 45,000, da yanzu aka yi ta, 300,000 ce. Idan laifin ya faru ya kuma ƙare kafin 2026 amma ka ga an lissafa maka da sabon ma'auni, wannan shi kansa dalilin ƙorafi ne, ka sa masa alama.

4. Tabbatar rahoton ya shiga da gaske

Wannan matakin na masu cewa "ai mu a kan lokaci muka cike" ne, kuma a nan ne ake yawan jin kunya. Cikewa daban, miƙawa daban. Mutum zai cike fom, intanet ta yanke, ko ya ajiye ya tashi bai kai ga danna `Submit` da amincewa da shafin rantsuwa ba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce jerin `Taxes Due`: idan watan ko shekarar na nan a jere har yanzu, rahoton bai shiga ba, ko me wanda ka sa aikin ya faɗa maka. Nemi shaidar miƙawa mai ɗauke da rana da lamba. Hoton allon kwamfuta da ke nuna fom cike da sifiri ba shaida ba ce.

Idan ya shiga, duba shekarar da aka zaɓa. Lissafin shekarar 2023 ana ƙiyasta harajinsa ne a shekarar 2024, kuma wannan tazarar ta shekara guda tana rikita ko waɗanda suka daɗe a harkar. Sai a zuba rahoto a gurbin da ba nasa ba, gurbin gaskiya ya zauna fanko yana tara kuɗi. Duba kuma watan rufe lissafi da ke rubuce a bayanan kamfanin a shafin. Idan ku kuna rufewa a Disamba amma shafin yana ɗauke da Satumba, na'ura za ta riƙa jiran rahotonku a ƙarshen Maris, ku kuwa ku kawo shi a Yuni kuna ganin kun yi sammako.

Abu na ƙarshe a nan shi ne lambar haraji. Akwai kamfanonin da suka wayi gari da lamba biyu, ɗaya ta fito lokacin rajista, ɗaya wani ya sake nema lokacin buɗe asusun banki. Kwatanta lambar da ke kan takardar tara da wadda ke kan shaidar miƙawarka, harafi da harafi. Idan sun bambanta, matsalar ke nan, kuma abin nema shi ne a haɗe su a rufe ɗaya.

5. Duba asusun banki kafin ka ce kamfanin kwance yake

Je banki ka karɓi sitatimen na duk asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, na duk tsawon lokacin da ake magana a kai, da hatimin banki. Ka karanta shi da kanka kafin kowa ya gani.

Dalilin shi ne ɗabi'armu ta aron asusu. Ƙaninka zai karɓi kuɗin mota daga Legas, nasa asusun yana da iyaka, sai ya ce "Yaya, bari a turo ta na kamfaninka." Ko aboki ya ari takardun kamfanin ya yi ƙaramar kwangila, wanda ya ba da aikin ya cire harajin da ake cirewa tun daga tushe ya kai wa hukuma da lambarku. A wurinka taimakon ɗan'uwa ka yi. A wurin hukuma, kamfanin da ya rantse bai yi ciniki ba ga shaidar an biya shi kuɗi. A irin wannan hali takardar da za ta zo ba ta makara kaɗai ba ce, za su iya ƙiyasta maka haraji da nasu hasashen, su ɗora tara da kuɗin ruwa a kai.

Idan ka ga irin wannan shigar kuɗi, kada ka rubuta wasiƙar da ke cewa ba a taɓa motsa asusun ba. Tara hujjar kowane kuɗi: daga ina ya zo, ina ya tafi, na wane ne. Kuɗin da kai darakta ka zuba don kada banki ya rufe asusun rance ne daga darakta, kuma haka akanta zai rubuta shi. Idan kuwa ciniki ne na gaske, gara ka gyara rahoton da kanka kafin a gano. Bayanin ƙarya laifi ne mai zaman kansa, ya fi makara nauyi nesa ba kusa ba.

6. Raba abin da ya hau kanka da wanda bai hau ba

A misalinmu, naira 45,000 ɗin nan ta zauna daram. Rahoton ya makara, lissafin daidai ne, kuma kasancewar ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin riba bai ɗauke masa wajibcin kai rahoto ba. Mutane da yawa sun ji an ce an yafe wa ƙananan kamfanoni haraji, suka ɗauka har da rahoton aka yafe. Jayayya a kan wannan layin ɓata lokaci ne, tana kuma rage wa sauran ƙorafinka ƙima a idon mai karantawa.

Na VAT ɗin ne ke da magana. Dokar kuɗi ta 2019 da ta ƙara tarar, ita ce kuma ta gyara sashe na 15 na dokar VAT, ta ɗora wajibcin rahoton wata-wata a kan wanda cinikinsa ya kai naira miliyan 25 a shekara, ta kuma ce sashe na 35, wanda ke hukunta rashin miƙa rahoto, bai shafi wanda bai kai wannan adadin ba. Kamfanin da cinikinsa sifiri ne a 2024 yana ƙasa da wannan iyaka ta kowace fuska. Na'ura ba ta san cinikinka ba sai an gaya mata, tana ganin kamfani mai rajistar VAT sai ta jera masa watanni. Saboda haka naira 1,575,000 ɗin nan ita ce abin ƙalubalanta, kuma hujjar a cikin doka take.

Hattara: wannan kariyar tana raunana idan kamfanin ya taɓa rubuta wa wani rasit ya ɗora masa VAT, don wanda ya karɓi kuɗin gwamnati dole ya kai shi ya kuma yi bayaninsa. Haka nan idan a cikin shekarar ne cinikin ya haura miliyan 25 kafin ya tsaya. Kuma wannan adadin na shekarun tsohuwar doka ne. Sabuwar dokar ma ta ware ƙananan 'yan kasuwa, amma da nata sharuɗɗan, don haka watannin 2026 zuwa sama akanta ya auna su da ita.

Akwai wani kuɗi da ake yawan ɗauka tara ne alhali ba ita ba ce. A tsohuwar doka, kamfanin da ya wuce wata shida da rajista bai fara aiki ba, idan ya zo neman takardar shaidar biyan haraji, yana biyan 20,000 a shekarar farko da 25,000 a kowace shekara ta gaba. Idan ka ga wannan a lissafin shekarun baya, kada ka sa shi cikin ƙorafi.

7. Biya wanda ka amince da shi

Biya shi kafin ka miƙa wasiƙar, ka haɗa rasit ɗin a ciki. Ƙorafin da ya zo da shaidar an biya abin da ba a jayayya a kai ya fi saurin samun kunne. Ciro lambar biya daga shafin hukumar, ta wannan layin kaɗai, ka biya ta banki ko ta intanet. Idan shafin ya haɗe tarar duka wuri ɗaya bai ba ka damar rabawa ba, faɗi haka a wasiƙar, ka nemi a fitar maka da lambar biyan kason da ka amince da shi.

Kada ka danƙa wa kowa tsabar kuɗi, ko ka tura asusun mutum, da sunan zai "goge" maka tara daga na'ura. Bashin da ba a cire shi da rubutacciyar amincewa ba, yana nan yana jiran ranar da za ka sake neman takarda.

8. Rubuta wasiƙar ƙin amincewa

Da Turanci ake rubuta ta, a kan takarda mai kan kamfani, zuwa ga shugaban ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗinku, da take kamar haka:

```
NOTICE OF OBJECTION
```

A ƙarƙashinsa sai sunan kamfani, lambar rajista, lambar haraji, lambar takardar tara da ranar da kuka karɓe ta. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Kada ka cika ta da labarin tsadar rayuwa da yadda kasuwa ta mutu, mai karantawa dalili na doka yake nema da zai iya rubutawa a fayil ya kare kansa a gaban na sama da shi.

Ta ɗan Dawanau za ta ce: mun amince da tarar 45,000 ta rahoton shekara, ga rasit. Ba mu amince da tarar VAT ta Janairu zuwa Satumban 2024 ba, jimla 1,575,000, domin kamfanin bai yi cinikin komai ba a wannan shekara, bai kai iyakar miliyan 25 da sashe na 15 ya gindaya ba, don haka sashe na 35 bai hau kansa ba. Muna neman a soke wannan adadi, a kuma gyara bayananmu a shafi. Shi ke nan. Kowane layi da ka ƙi, ka faɗi adadinsa, dalilinsa, da abin da kake so a yi.

Abin da za ka haɗa: kwafin takardar tara, takardar rajistar kamfani, shaidar miƙa kowane rahoto, sitatimen na banki, da bayanin lissafi da akanta ya sa wa hannu. Ga kamfanin da bai taɓa fara aiki ba, wannan bayanin shi ne wanda ake kira `Statement of Affairs`, mai nuna jarin da aka sa da ɗan abin da aka kashe wajen rajista. Darakta ya sa hannu a wasiƙar.

Miƙa ƙorafi a ofis ba a biyan ko kwabo. Kuɗin da za ka kashe na akanta ne da na sitatimen a banki. Ku yi ciniki da akantan a kan aikin gaba ɗaya tun farko, kuma ka nemi mai rajista da ɗaya daga ƙungiyoyin ƙwararru, wato ICAN, ANAN ko CITN, don hatiminsa ne ke ba takardun nauyi.

Hattara: je da kwafi biyu. A buga wa naka hatimin karɓa mai kwanan wata, ka dawo da shi gida. Ran da aka ce ba a ga wasiƙarka ba, wannan hatimin ne kaɗai zai yi maka magana.

Idan tarar ta hau kanka da gaske amma akwai uzuri mai ƙarfi, kamar rasuwar darakta, doguwar jinya, ko shafin ya ƙi buɗewa a ranar ƙarshe kuma kana da hotonsa da saƙon da ka aika a lokacin, to wasiƙar neman sassauci za ka rubuta, daban da ta ƙin amincewa. Doka ta ba hukuma ikon yafe tara idan an nuna dalili mai kyau, sai dai alfarma ce, suna iya yi suna iya ƙi. Kada ka cakuɗa su biyun a takarda ɗaya, don mai cewa "ban yi laifi ba" da "ku yafe mini" a numfashi guda ya riga ya rushe hujjarsa.

9. Bibiya, da inda za ka nufa idan an ƙi

Bayan mako biyu ka leƙa, ka san jami'in da aka ba fayil ɗin. Sabuwar doka ta ba hukuma kwana 90 ta amsa ƙorafi, idan ba ta amsa ba ana ɗaukar ƙorafin ya karɓu. Duk da haka kada ka dogara da shiru: idan kwanakin suka cika, rubuta tunatarwa ka haɗa kwafin mai hatimi, ka nemi a cire adadin daga shafi. Idan an amince, sai ka ga abu biyu kafin ka huta, wato rubutacciyar amsa, da kuma layukan sun ɓace daga asusun kamfanin.

Idan aka aiko maka da takardar ƙin gyarawa, kana da wasu kwana 30 daga ranar karɓarta ka kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin haraji. Ta shiyyar arewa maso yamma a Kaduna take zama, ta arewa maso gabas a Bauchi, ta arewa ta tsakiya a Jos, akwai kuma ta Abuja. A nan sai ka yi lissafi da hankali: a kan 45,000 kuɗin lauya da na mota sun fi abin da ake jayayya a kai, a kan miliyan ɗaya da rabi kuwa tafiyar ta cancanta.

10. Sanar da hukuma a rubuce cewa kamfanin ya kwanta

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, shi ya sa takardar ke dawowa baɗi. Kai ne ka san kamfaninka na kwance. Hukuma kuwa, muddin ba ka rubuta mata ba, kamfani mai rai take gani, kuma rahoton sifiri ba ya zama sanarwa. Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta ce wanda ya dakatar da kasuwanci na ɗan lokaci ya sanar cikin kwana 30, hukuma kuma ta sa lambar harajinsa a jerin masu barci ta dakatar da ita. Rubuta wannan wasiƙa daban, da ranar da aka daina aiki da sitatimen da ke tabbatar da hakan, ka karɓi hatimi. Ka nemi amsar ta fayyace maka a rubuce waɗanne rahotanni aka ɗauke maka. Kafin amsar ta zo, duk abin da ya bayyana a jerin `Taxes Due` ka cike shi a kan lokaci, don sifirin wata-wata aikin 'yan mintuna ne. Ka tuna kuma dakatarwar ba ta shafi CAC ba, nasu rahoton na shekara yana nan.

Idan ka san a ranka kwangilar takin nan ba za ta zo ba, ka duba batun rufe kamfanin gaba ɗaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba kamfanin da bai taɓa fara aiki ba, kuma ba a bin sa bashi, damar neman CAC ta soke sunansa daga rajista, bayan masu hannun jari sun zartar da ƙuduri na musamman an kuma buga sanarwa a jaridun ƙasa guda uku. Kuɗin jaridun da na wakili sau ɗaya za ka biya su. Kafin ka fara, sai ka cike duk rahotannin CAC da suka taru, ka share na haraji, sannan bayan an soke sunan ka kai wa ofishin haraji kwafin takardar sokewar ka nemi a rufe lambar kamfanin.